Sikeli, tef ɗin tela da littafin makaranta: yadda na bi diddigin teɓata wata shida

Ranar da na kusa jefa sikelina a rijiya, wata safiyar Lahadi ce a hunturun da ya gabaci azumin 2025. Kwana goma sha biyu ke nan na daina shan lemon kwalba, na rage malmalar tuwo daga biyu zuwa ɗaya, kuma sikelin yana ta saukowa har ya kai kilo 91.8. Daren Asabar muka je walimar ɗaurin auren ɗan wani abokin aikina a Runjin Sambo, aka ci shinkafa da balangu mai yaji. Da safe na hau sikeli ya nuna 93.2. Na sauka na sake hawa, bai canza ba. Na ce wa kaina ashe duk wahalar banza nake yi, na aika yaro ya sayo waina da miyar taushe, na ci har na yi nak. Daga ranar ban sake waiwayar maganar rage ƙiba ba sai bayan ƙaramar Sallah.

Wanda ya dawo da ni hanya ƙanen matata ne, ma'aikacin jinya. Ya zo gaisuwar Sallah gidanmu a Mabera, na ba shi labari ina dariya, shi kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, wanga lissahi naka bai tashi ba. Bari in gwada maka." Ya ɗauki biro ya rubuta a bayan katin gayyata: kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Ƙarin kilo 1.4 da na gani, in da kitse ne, sai na ci rarar kalori sama da 10,000 a dare guda, wato abincin kusan kwana huɗu na mutum irina, bayan wanda jiki ya ƙona. Faranti ɗaya na shinkafa da balangun da bai cika takarda ba ba su kai ko kusa ba.

To mene ne sikelin ya auna? Ruwa ne da abincin da bai gama wucewa ba. Gishiri da magin da ke cikin yaji suna sa jiki ya riƙe ruwa na kwana ɗaya ko biyu. Shinkafa da tuwo kuma, jiki yana ajiye wani ɓangarensu a hanta da tsoka a matsayin sukarin ajiya, kuma kowane giram ɗaya na wannan ajiya yana tafe da ruwa wajen giram uku. Mutumin da ya yi kwanaki yana rage tuwo ya zubar da ajiyar tare da ruwanta, ranar da ya ci ya ƙoshi sai ta dawo gaba ɗaya. Ke nan saukar da na yi ta murna da ita a kwanakin farko, rabinta ruwa ne, hawan da ya karya mini gwiwa shi ma ruwa ne.

Mu da ke Sakkwato abin ya fi yi mana yawa saboda zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, wanda ya yini a kan babur ko a kasuwa yana iya zubar da fiye da lita ɗaya ta gumi, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Ka hau sikeli washegari ka ga ka yi sauƙi, ka sha ruwan randa da fura ka koma inda kake.

Shawarar da ya ba ni ita ce kada in daina hawa sikeli, amma in daina yanke hukunci da lambar rana ɗaya. In rubuta kullum, in haɗa na kwana bakwai in raba, wannan matsakaicin shi kaɗai zan kwatanta da na makon jiya. Sannan in ƙara shaidu biyu: awon ciki sau ɗaya a mako, da hoto sau ɗaya a mako huɗu.

Na fara ranar Asabar, 5 ga Afrilu. Na karɓi wani littafin rubutu mai shafi arba'in daga jakar 'yata, na ja layi bakwai. Ƙa'idar hawa sikelin ba ta da wuya, amma sai an tsare ta. Ina tashi kafin kiran assalatu, in zagaya bayi, kafin in sha ko kurɓi ɗaya na ruwa in hau da gajeren wando kaɗai, in rubuta, in rufe littafin. Kwanaki ukun farko na ajiye sikelin a kan kafet ɗin ɗaki, sai na lura in na matsar da shi taku ɗaya lambar tana canzawa da kusan kilo. Sikeli yana son ƙasa mai tauri kuma a miƙe, ba tabarma ba, ba kafet ba, ba simintin tsakar gida mai gangara zuwa magudana ba. Na samar masa tayil ɗaya a bakin ƙofar bayi, na zagaye gurbin da alli, bai sake barin wurin ba. Nakan gwada shi lokaci-lokaci da wata jarkar ruwa da na cika har baki: in yau ta nuna abin da ta nuna watan jiya, sikelin lafiyarsa lau. Sau ɗaya ta nuna daban, na canza batir ya daidaita.

Ga abin da ke rubuce a littafin na mako na uku, daga Asabar zuwa Juma'a: 91.9, 92.6, 92.2, 91.3, 91.8, 91.5, 92.0. In an haɗa 643.3 ne, a raba bakwai ya ba da 91.9. Na mako na huɗu kuma: 91.7, 91.2, 90.8, 92.1, 91.5, 91.0, 91.5. Jimla 639.8, matsakaici 91.4. Na sauka da rabin kilo a mako, daidai gwargwadon da ake so ga mai ragewa a hankali.

Amma a dubi abin da zai faru da a ce sau ɗaya nake hawa a mako, kamar yadda wasu ke ba da shawara. Da ranar Litinin na zaɓa, zan ga 92.2 ya koma 90.8, in ce na zubar da kilo 1.4, in yi ta baza labari a majalisa. Da Talata na zaɓa, zan ga 91.3 ya koma 92.1, in ce na ƙaru da kusan kilo, wataƙila in sake aikawa a sayo waina. Jiki ɗaya, mako ɗaya, labari biyu masu karo da juna, kuma babu na gaskiya a cikinsu. Na san dalilin 90.8 ɗin: ranar Lahadi na yini a gonar wana a hanyar Wurno cikin rana. Na kuma san dalilin 92.1: daren Litinin na ci kilishi da shayi wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Da aka zuba su cikin kwano ɗaya da sauran kwanakin, kowanne ya shanye ɗan'uwansa.

Wata 'yar dabara ta rage mini wahalar lissafi. Ba sai na haɗa casa'in-casa'in ɗin ba, abin da ya hau kan 90 kawai nake haɗawa. A mako na uku 1.9 da 2.6 da 2.2 da sauransu sun ba da 13.3, a raba bakwai 1.9, a mayar kan 90. In na yi tafiya na rasa kwana biyu, sai in raba da biyar, ba na cike gurbin da ƙiyasi. Makon da bai kai awo huɗu ba kuwa ba na ɗaukarsa da muhimmanci.

Awon ciki shi ne inda na fi yin kuskure, kuma shi ne ya fi amfanata daga baya. Na ɗauko tef ɗin awo irin na teloli daga kwandon ɗinkin maman yara, na zagaya shi inda wandona ke zama, na samu santimita 98. Na ji daɗi, don telana ma inci 38 da rabi yake rubuta mini. Da ƙanen nata ya dawo ya ga lambar, sai ya ce in nuna masa inda na aza tef ɗin. Yana gani ya girgiza kai. "Yaya, nan ai ƙarƙashin teɓa ne. Wando gudun ta yake yi, shi ya sa ya zauna can ƙasa." Gaskiyarsa. Tela yana auna inda wando zai tsaya, ba ruwansa da inda kitse ya taru.

Ya kama yatsana ya ɗora a gefen cikina, ya sa na lalubo ƙarshen haƙarƙari na ƙasa, sannan na gangara na lalubo saman ƙashin ƙugu. Tsakiyar waɗannan biyun, nan ne wurin awo, kuma haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. A jikina wurin ya faɗo kamar faɗin yatsa biyu sama da cibiya. Mutum ya tsaya a miƙe, ƙafafu kusa da juna, tef a kan fata ba kan riga ba, ya zagayo daidai ba tare da ya karkace ta baya ba. Ya yi numfashi kamar kullum, in ya fitar da iska sai a karanta, ba tare da ya shanye ciki ba. Tef ya kwanta a fata amma kada ya nutse. Da aka yi haka, sai ga 104. Santimita shida na ɓoye wa kaina ban sani ba.

Wannan lambar ta fi ta sikeli tayar mini da hankali, don ita tana da iyaka sananniya. Ga namiji, daga santimita 94 haɗarin ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya yana ƙaruwa, daga 102 kuwa ya yi yawa sosai. Ga mace iyakokin 80 da 88 ne. Dalili shi ne kitsen da ke taruwa cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, ya fi wanda ke cinya ko damtse illa, kuma sikeli ba ya bambance su, tef ne ke yi. Akwai wata hanya mafi sauƙi ma: awon cikin mutum kada ya kai rabin tsayinsa. Tsayina 172, rabinsa 86. Ya yanko igiyar shanya daidai tsayina, ya ninka ta biyu, ya ce in zagaya cikina. Bakin igiyar biyu suka tsaya nesa da juna, tazarar santimita 18, kusan taƙi guda. Na rataye ta a ƙusa bayan ƙofa.

Na mayar da awon ciki safiyar Juma'a, bayan sikeli, kafin karin kumallo. Sau biyu nake aunawa, in sun bambanta da fiye da santimita ɗaya in sake. Tef yana da nasa ha'incin, kuma mai riƙe da shi ne ke yi: makon da nake son ganin ci gaba, sai in ji hannuna yana ƙara ja da kansa. Da na kama kaina sau biyu, na miƙa aikin ga maman yara, ita kuwa ba ta da sassauci. In na ɗan shanye ciki sai ta ce, "Malam, saki numfashinka, ba gasa ake ba." Ta kuma fi ni ganin bayan, inda tef ke zamewa ƙasa. Tsohon tef na roba yana miƙewa in ya daɗe, musamman wanda ya sha zafin ɗaki, don haka na gwada shi da rula ta katako na ga bai saki ba, na kuma tsaya a kansa shi kaɗai.

Amfanin shaidu ukun ya fito fili a watan Mayu. Matsakaicin mako na shida 90.7, na bakwai 90.7, na takwas 90.6. Mako uku sikeli ya kafe. A da, nan ne zan ce abin ya daina aiki. Amma tef yana ba da wani labari: 101.5, sannan 100.5, sannan 100. A daidai lokacin ne na fara tafiyar ƙafa ta minti arba'in bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe, ina kuma yin 'yan atisayen tsugunno da na dannawa a tsakar gida. Cinyoyina sun yi tsami har ruku'u yana yi mini wuya. Tsokar da ta fara aikin da ba ta saba ba tana riƙe ruwa yayin da take gyara kanta, ruwan nan sai ya rufe kitsen da ke tafiya. Ban canza komai a abinci ba, na jira. Mako na tara matsakaici ya faɗo 90.2.

Daga nan na kafa wa kaina ƙa'ida. Ba na taɓa abincina saboda mako ɗaya. In matsakaici ya tsaya amma ciki yana raguwa, in ci gaba yadda nake. In duka biyun suka tsaya mako uku a jere, to lallai akwai abin da ya shigo, sai in bincika. Hakan ya faru sau ɗaya, a watan Agusta, kuma da na zauna na yi wa kaina hisabi sai na gano furar yamma ce. Na mayar da ita kullum, da sukari cokali uku, ina ce wa kaina ai fura ba abinci ba ce. Na rage ta zuwa kwana uku a mako ba sukari, lissafi ya ci gaba da tafiya.

Babbar Sallah ta faɗo ranar Juma'a, 6 ga Yuni, kuma makon da ya biyo baya shi ne jarrabawar tsarin gaba ɗaya. Kowa ya san yadda muke yi da naman layya a garin nan: a tsire raguna a jere a bakin wuta, washegari a shiga suya, gida-gida ana aiko da soyayye mai gishiri. Ban hana kaina ba. Ranar Litinin sikeli ya nuna 91.9, matsakaicin makon ya tashi 91.1, ƙarin kusan kilo a kan makon jiya. Tef kuwa ya nuna 100, ƙarin rabin santimita kacal a kan 99.5, wanda bai wuce kuskuren hannu ba. Na rubuta "Sallah" a gefen layin na wuce. Mako na gaba 90.3, na bayansa 89.7. Na san an samu ɗan kitse na gaskiya a ciki, don saukar ta yi jinkirin kamar mako guda, amma yawancin abin da sikeli ya nuna ya fita ta fitsari cikin kwana biyar.

Hoto shi ne shaidar da na fi rainawa. Mu masu sa kaftani da babbar riga, kilo biyar na iya tafiya ba wanda ya lura, har mai jikin, don madubi kullum ake kallonsa kuma ido ba ya riƙe jiya. Na ɗauki na farko da singileti mai kama jiki da wando mai rufe cibiya zuwa gwiwa, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe. Na biyu, bayan mako huɗu, na ɗauke shi da dare bayan tuwo, a ƙarƙashin ƙwan lantarki, wayar tana jingine a kan kujera tana kallona daga ƙasa. Na fito kamar na ƙara buhu guda. Hoton bai da amfani ko kaɗan, don komai ya canza ban da ni. Daga nan na tsayar da wuri: waya a kan dakalin taga daidai tsayin ƙirji, ni a kan tayil na shida daga bango, hasken safiya yana shigowa ta gabana, hannuwa a sake, singileti ɗaya wando ɗaya, a sa agogon kyamara daƙiƙa goma. Hotunan kuma na kulle su da lambar sirri, don ƙaramin ɗana yana karɓar wayar ya yi wasa, kuma ba na son in tsinci kaina a zauren dangi.

Tsakanin hoto da mai bi masa ban taɓa ganin wani bambanci ba. Sai da na jera na Afrilu da na ƙarshen Yuli gefe da gefe. A na gefen, singiletin da ke turowa gaba ya wuce ƙirji yanzu ya kusa daidaita da shi, kuma wata ninkewa da ke bayan wuyana, wadda ban ma san ina da ita ba, ta tafi.

Maman yara ta shiga tsarin a watan Yuli, sai muka ga nata lissafin ya bambanta da nawa. Kwanakin da ke gaban al'adarta nauyinta yana hawa da fiye da kilo, cikinta ma yana ɗan kumbura, har matsakaicin mako bai isa ya shanye wannan ba. Ita sai ta riƙa kwatanta mako da takwaransa na watan jiya, na farkon tsarki da na farkon tsarki. Ta kuma ce hawa sikeli kullum yana ɓata mata rai ko da ba ta yanke hukunci da shi, sai ta koma Asabar, Litinin, Laraba da Juma'a, tana rabawa da huɗu. Ƙanenta ya ce hakan ya wadatar. Ya dai ja mana kunne da abu biyu da ba a jiran matsakaici a kansu: nauyi ya hau kilo biyu ko fiye cikin 'yan kwanaki tare da kumburin ƙafa ko haki, ko kuma ya riƙa zubewa ba dalili tare da yawan ƙishirwa da fitsari. Waɗannan asibiti ake kai su.

A makon ƙarshe na Satumba matsakaicina ya tsaya a 85.6, daga 92.8 na makon farko. Kilo bakwai da ɗoriya cikin mako ashirin da biyar, ƙasa da sulusin kilo a mako in aka baje, abin da sikelin kullum ba zai taɓa iya nuna mini ba tunda yana tsalle da kilo guda tsakanin jiya da yau. Awon ciki 95.5. Na fita daga layin 102, ban kai ga sauka ƙasa da 94 ba. Safiyar Juma'ar nan na ciro igiyar daga bayan ƙofa na zagaya, maman yara ta aza tef a tsakanin bakin biyu ta ce saura tara da rabi, ta rubuta a shafi na ashirin da shida da hannunta.